AWON GYARA DA AWON KAMMALAWA A DARASIN MOTSA JIKI: MISALI DAGA DOGON TSALLE

Gabatarwa

Ɗalibin da ke koyon aikin malanta a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko a wata kwaleji irinta, yakan fita koyarwar gwaji kafin ya sami takardar shaidar malanta ta ƙasa. Idan darasin motsa jiki da kiwon lafiya aka ba shi a wata ƙaramar sakandare, wahalarsa ta farko ba ta fitar da yara fili ba ce. Wahalar tana zuwa ne ranar da aka miƙo masa takardar maki, aka ce ya cike gurbin kowane ɗalibi. Malamin lissafi yana da takardun amsa da zai duba. Shi kuwa malamin motsa jiki, abin da ɗalibi ya yi ya wuce cikin ƙiftawar ido, sai sawun ƙafa a kan yashi.

Wannan maƙala za ta bayyana hanyoyi biyu na auna ɗalibi, wato awon gyara da awon kammalawa, waɗanda littattafan Turanci ke kira fomatif da samatif. Za ta ɗauki wasa guda, dogon tsalle, ta bi shi daga darasin farko zuwa ranar ba da maki, domin mai karatu ya ga yadda kowane awo yake aiki da kuma inda yake ɓaci.

Ma'anar Awon Biyu da Asalinsu

Wani masani mai suna Michael Scriven ne ya fara raba waɗannan awo biyu a shekarar 1967, lokacin da yake magana a kan kimanta manhajar karatu. Daga baya Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka ɗauko rabon suka ɗora shi a kan koyon ɗalibi, a cikin wani littafi da suka wallafa a 1971. Awon gyara shi ne wanda ake yi ana cikin koyo, domin malami da ɗalibi su gano abin da ya kamata su sauya a darasi na gaba. Awon kammalawa kuwa shi ne wanda ake yi bayan an gama, domin a shaida wa iyaye da hukumar makaranta matsayin da ɗalibi ya kai.

Mutumin Argungu ba zai sha wuyar gane wannan ba. Masunci da ke koya wa ɗansa hawa gora da riƙon homa yana tsaye kusa da shi a cikin ruwa, yana ce masa ya daidaita nauyinsa, ya buɗe hannu, ya sake gwadawa. Wannan awon gyara ne. Ranar bikin kamun kifi a Matan Fada kuwa, ba mai tambayar yadda aka riƙe homa. Sikeli ake ɗora kifi a kai, a faɗi nauyinsa, a ba da kyauta. Wannan awon kammalawa ne. Sikeli yana faɗin gaskiya, amma bai taɓa koya wa kowa su ba.

Abin lura shi ne, bambancin ba a kayan awo yake ba. Tef ɗin awo guda zai iya yin aikin biyu. Bambancin yana cikin tambayoyi biyu: yaushe aka auna, kuma me aka yi da sakamakon? Idan sakamakon ya koma wa ɗalibi alhali yana da sauran damar gyarawa, awon gyara ne. Idan ya shiga takardar maki aka rufe, awon kammalawa ne.

A nan ne sababbin malamai sukan ruɗe. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fitar a 1977 aka sake duba ta a 1981, ta kawo tsarin gwajin yau da kullum, wanda ɗalibai ke kira si-e. Da yawa sukan ɗauka cewa si-e shi ne awon gyara. Ba lalle ba ne. Gwaji uku da aka yi cikin zango, aka rubuta makinsu, ba a sauya komai a koyarwa ba, ƙananan awon kammalawa ne guda uku.

Ajin Misali

A ƙaddara wani malami mai koyon aiki ya sami ajin shekara ta biyu na ƙaramar sakandaren maza a Birnin Kebbi. Ɗalibai 48 ne, shekarunsu daga 12 zuwa 15. Yana da darasi biyu a mako, kowanne minti 40, kuma an ba shi mako shida ya koyar da dogon tsalle, wato darasi 12 ke nan. An haƙa ramuka biyu an cika su da yashi mai laushi, an tsince duwatsu da ƙaya, an kuma ja layin tashi da toka a inda babu katako. Duk alƙaluman da za su biyo baya na misali ne.

Dogon tsalle yana da gaɓoɓi huɗu: gudun shiri, tashi, tafiya a iska, da dira. Tun a darasin farko malamin ya rubuta waɗannan huɗu a allo, ya gaya wa yara cewa a kansu za a auna su a mako na shida, ya kuma bayyana yadda za a raba maki. Ɓoye ma'auni ba ya ƙara wa jarrabawa daraja. Yaron da bai san abin da ake nema ba, ba zai iya auna kansa ba.

A wannan darasi kowane yaro ya yi tsalle biyu, aka rubuta mafi nisa, ba tare da maki ba. Za a bi biyu daga cikinsu. Na farko dogo ne, ɗan shekara 15, muryarsa ta riga ta buɗe, ya kuma dira a mita 3.90. Na biyu ɗan tsurut ne, ɗan shekara 12, ya dira a mita 2.70.

Awon Gyara a Gudun Shiri

Mafi yawan nisan tsalle daga saurin gudun shiri yake fitowa, da kuma dacewar ƙafa da katako ba tare da rage gudu ba. Saboda haka a nan malamin ya fi daɗewa.

Ga yara irin waɗannan, taku 12 ya isa. Yaro zai tsaya a kan katako ya juya wa rami baya, ƙafarsa ta tashi tana gaba, ya sheƙa da gudu, abokinsa kuma ya sa alama a inda taku na 12 ya sauka. Wannan alama ita ce mafarinsa. Idan ya tsaya a kanta da ƙafar tashi a gaba, ya fara taku da ɗaya ƙafar, to taku na 12 zai faɗo a kan ƙafar tashi.

Daga nan sai awon kansa. Ana share ƙasar da ke kewaye da katako domin sawu ya fito. Yaro ya yi gudun shiri sau biyar, ya ratsa ta cikin rami ba tare da tsalle ba, abokinsa yana tsugune a gefe yana sa tsinke a inda yatsun ƙafar tashi suka taka kowane karo. Tsinkayen nan biyar sun fi tef bayani, domin suna iya fitowa ta fuska uku.

Fuska ta farko, tsinkaye su taru wuri guda, amma duka sun zarce layi da kamar santimita 30. Wannan yaro gudunsa daidai yake, alamarsa ce ba daidai ba. Maganinsa a ja mafarinsa baya da santimita 30, shi ke nan.

Fuska ta biyu, tsinkaye su warwatse: ɗaya bai kai layi ba da santimita 40, wani ya zarce da 20, wani yana kai. Matsar da alama ba zai amfani wannan yaro ba, domin tsawon takunsa ne ke sauyawa. Galibi laifin yana cikin taku uku ko huɗu na farko: wani lokaci ya fara da dama, wani lokaci da hagu, ko ya fara a hankali yanzu, an jima ya fizga. Maganinsa a rage gudun zuwa taku 8, a tsayar masa da ƙafar farawa, ya riƙa ƙidaya da baki, sai ya daidaita sannan a mayar da shi 12.

Fuska ta uku ita ce mai yaudara. Tsinkaye suna kan katako cif, amma yaro yana isa can ne ta hanyar kallon ƙasa da sassarfa a taku na ƙarshe. Ido ba ya saurin kama wannan, kunne ne ke kamawa: maimakon ƙarar sawu ta ƙara sauri zuwa ƙarshe, sai a ji ta karye. Maganinsa a ba shi fili mai faɗin mita guda ya tashi daga ko'ina a cikinsa, a kuma kafa masa abin kallo a bayan rami daidai tsayin idonsa, har tsoron taka layi ya bar shi.

Yara uku ke nan, kowanne da cutarsa da maganinsa. Da tef kaɗai aka yi aiki, abin da za a rubuta musu bai wuce "ya taka layi" ko "tsallensa gajere ne" ba.

A ajin misalin, ƙaramin yaron nan yana cikin fuska ta farko, aka matsar masa da alama, cikin darasi guda ya daidaita. Dogon kuwa yana cikin ta biyu. Aka ce ya koma taku 8, ya ga kamar an rage masa daraja tunda ya fi kowa nisa, ya ci gaba da yadda ya saba.

Akwai kuma abin da tsinkayen ke gaya wa malamin game da kansa. A darasi na uku ya ƙidaya ya ga yara 30 cikin 48 suna cikin fuska ta biyu. A tsarinsa ya kamata ya wuce zuwa tashi a darasi na huɗu, amma ya ɗage, ya ƙara darasi guda a kan gudun shiri. Idan yara biyar suka kasa, ana iya cewa matsalar tasu ce. Idan talatin suka kasa, koyarwar ce ke bukatar gyara.

Awon Gyara a Tashi da Dira

Lokacin da ƙafa take ɗauka a kan katako bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Idon ɗan Adam ba zai iya lura da ƙafa da gwiwa da hannu da kai a cikin wannan ɗan lokaci ba. Saboda haka malami ya tsaya a gefe daidai katako, 'yan mitoci nesa, ba a gaban rami ba, kuma ya zaɓi abu guda da zai kalla a kowane zagaye. Wannan zagaye gwiwar da ba ta tashi ba: ta ɗago har cinya ta yi kwance, ko kuwa? Zagaye na gaba kai da ƙirji: a miƙe suke, ko a sunkuye? Inda akwai wayar hannu mai ɗaukar bidiyo, kuma shugaban makaranta ya yarda, ana iya ɗaukar tsallen a nuna wa yaro a hankali, a goge bayan darasi.

Akwai wata ƙa'ida ta kimiyya da ke nuna wa malami inda zai sa ƙarfinsa. Da zarar ƙafa ta bar ƙasa, hanyar da tsakiyar nauyin jiki za ta bi a iska ta riga ta tabbata. Wutsil-wutsil da ƙafafu ba ya ƙara mata komai. Abin da motsin iska ke yi shi ne daidaita jiki da shirya dira. Don haka malamin da ke ta yi wa yaro ihun "ƙara miƙewa a sama" alhali gudunsa ne ya karye, yana shafa magani ne a inda ba ciwo.

Dira kuwa yashi ne ke ba da labarinta. Bayan kowane tsalle, kafin a ja manjagara, a kira yaro ya dubi sawunsa. Dunduniyoyi biyu a jere kuma ba komai a bayansu, dira ta yi kyau. Ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, daga ta bayan za a auna. Sawun tafin hannu ko na mazaunai a bayan dunduniya, to yaro ya yi asarar duk tazarar da ke tsakani, domin doka ta ce daga sawu mafi kusa da layin tashi ake awo. Magani shi ne ya lanƙwasa gwiwa da zarar dunduniya ta taɓa yashi, ya kai hannuwa gaba, jikinsa ya bi su.

Malami guda ba zai iya kallon yara 48 ba. Sai ya haɗa su bibbiyu, ya ba kowane biyu kati mai tambayoyi uku da ake amsawa da i ko a'a: Ya taka katako ba tare da sassarfa ba? Ya ɗago gwiwa? Ya dira da ƙafa biyu ya faɗi gaba? Ba a ba yaro damar ba abokinsa maki, domin nan take abota da gaba za su shigo. Abin da ya gani kawai zai faɗa. Mai kallon ma yana ƙaruwa, domin wanda ya iya gane kuskure a jikin wani ya kusa gane shi a jikinsa.

Kalmomin gyara su ma suna da ƙa'ida. "Madalla" da "ba ka iya ba" duk ba su gaya wa yaro abin da zai yi. Gyara mai amfani yana faɗin abin da aka gani, da abu guda da za a yi, sannan a ba da damar gwadawa nan take: "Hannunka na hagu ya taɓa baya. Wannan karo kai hannuwa biyu wajen yatsun ƙafarka. Koma ka sake." Kuma kada a haɗa shi da maki. Wani bincike da Ruth Butler ta wallafa a 1988 ya nuna cewa yaran da aka ba sharhi kaɗai sun ci gaba, amma waɗanda aka ba maki, ko maki tare da sharhi, ba su ci gaba haka ba. Da zarar yaro ya ga lamba, ita yake kallo, ya kwatanta da ta abokinsa, ya manta da sharhin. Haka nan, yayin da makonni ke tafiya, malami ya rage yawan magana, ya riƙa tambayar yaro, "Me ka ji a wannan tsallen?" Wanda ya saba a gaya masa komai bayan kowane tsalle yakan rikice ranar da malami ya yi shiru.

Awon Kammalawa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A mako na shida malami ya daina gyara, ya zama alƙali. A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a yunƙurinta na farko a zagayen ƙarshe, ta ci wa Nijeriya lambar zinariya. Alƙalai ba su tambayi abin da ta yi a wajen horo ba. Ƙarfin awon kammalawa ke nan: sharaɗi guda ga kowa, doka guda, sakamako guda.

Abu na farko shi ne lissafin lokaci, wanda sababbin malamai kan manta. Yara 48 kowanne tsalle uku, tsalle 144 ke nan. Idan kowanne ya ci daƙiƙa 45, har da awo da share yashi, ana bukatar minti 108, alhali a darasin minti 40 da wuya a sami fiye da 30 bayan ɗumama jiki. Sai malamin ya roƙi malamin da ke kula da shi ya riƙe rami na biyu, suka raba yara rukuni huɗu na sha biyu-sha biyu. Kowane rukuni tsalle 36, wato minti 27. Rami biyu, darasi biyu, an gama. Waɗanda ba ranarsu ba su ne masu riƙe tef da manjagara, su kuma amsa tambayoyin doka.

Dokar awo ita ce: bakin tef mai sifiri a kan sawu mafi kusa, a ja shi sak zuwa layin tashi ba a karkace ba, a karanta a kan layin, a rubuta cikakken santimita na ƙasa. Wanda ya taka bayan layi tsallensa ya ɓaci. Mafi nisa cikin uku ake ɗauka.

Makin wannan sashe 20 ne, an raba shi uku. Iya tsalle maki 12, wato uku-uku ga kowace gaɓa. Nisa maki 5. Sanin doka da kiyaye lafiya maki 3. Kowane maki na iyawa yana da bayaninsa a rubuce. A dira, alal misali: maki 3, ƙafa biyu a jere, gwiwa a lanƙwashe, jiki ya wuce gaba, maki 2, ƙafa biyu amma ba a jere ba, ko gwiwa a sandare, maki 1, ya faɗi baya ko ya dafa da hannu. A gudun shiri: maki 3, ya dace da katako aƙalla sau biyu cikin uku ba tare da rage gudu ba, maki 2, ya dace amma da sassarfa, maki 1, sawunsa a warwatse. Ga nisa kuwa: ƙasa da mita 2.50 maki 1, daga 2.50 zuwa 2.99 maki 2, daga 3.00 zuwa 3.49 maki 3, daga 3.50 zuwa 3.99 maki 4, mita 4.00 zuwa sama maki 5. Waɗannan iyakoki kowace makaranta ta fitar da nata daga abin da ɗalibanta suka saba yi, kuma na 'yan mata daban da na maza.

Dogon yaron ya taka layi a tsallen farko, sannan ya yi 4.05 da 3.95. Nisa ya ba shi maki 5. A iyawa ya sami 1 a gudun shiri, 2 a tashi, 2 a iska, 1 a dira domin ya dafa baya, jimla 6. A doka ya sami 2. Makinsa 13 cikin 20.

Ƙaramin ya yi 3.10 da 3.25 da 3.20. Nisa ya ba shi maki 3. A iyawa ya sami 3 da 3 da 2 da 3, jimla 11. A doka ya sami 3. Makinsa 17 cikin 20.

Da nisa kaɗai aka duba, aka mayar da shi bisa 20, da dogon ya sami 20, ƙaramin 12. Tambayar ita ce, wanne sakamako ne ya faɗi gaskiya a kan abin da aka koya cikin mako shida?

Abin da Jiki ke Ɓoyewa

Amsar tana cikin ilimin halittu. Yara maza sukan yi saurin tsawo mafi yawa wajen shekara 13 zuwa 14, 'yan mata kuwa kusan shekara biyu kafin haka, kuma tsakanin yaro da yaro ana samun tazarar shekaru. A lokacin balaga sinadarin testostaron yana ƙara wa namiji tsoka da ƙarfi, ƙafafu kuma su ƙara tsawo. A aji guda ana iya samun wanda ya gama wannan mataki da wanda bai fara ba. Tazarar mita 1.20 da ke tsakanin yaran nan biyu a darasin farko ba malami ne ya koyar da ita ba. Makin da aka gina a kan nisa kaɗai yana auna balaga ne. Alamar gane haka mai sauƙi ce: malami ya jera yara bisa maki, ya sake jera su bisa tsawo. Idan jerin biyu suka yi kusan zama ɗaya, ma'auninsa yana da gyara.

Wani zai ce, to a ba da maki bisa ci gaban da yaro ya samu, tunda ƙaramin ya ƙara santimita 55, dogon kuwa 15 kacal. Wannan yana da haɗari uku. Idan yara suka gane, za su ƙi yin ƙoƙari a darasin farko da gangan. Wanda ya riga ya iya kuma ba shi da filin ƙari mai yawa. Sannan tsallen mutum guda a rana guda yana bambanta: na dogon ya bambanta da santimita 10 tsakanin yunƙuri biyu, saboda haka ƙarin 15 bai tabbatar da komai ba. Ya fi kyau a rubuta ci gaban da kalmomi a gurbin sharhi, kada a mayar da shi maki.

Yanayi ma yana shiga awo. A Birnin Kebbi da Argungu zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu. Rukunin da aka auna da ƙarfe takwas na safe da wanda aka auna da azahar ba jarrabawa ɗaya suka yi ba. A auna kowa da safe, a tanadi ruwan sha da inuwa, a ɗage awon idan ya faɗo cikin azumi, kuma yaron da ke fama da zazzaɓi ko rauni a ba shi wata rana. A makarantar 'yan mata a tabbatar da fili mai sirri da tufafin da ke suturta jiki ba tare da harɗe ƙafa ba. Yarinyar da ke jin kunyar masu kallo ba za ta saki jiki ta yi gudu ba, kuma makin da ta samu a wannan hali na kunya ne.

Saura alƙalan kansu. Tunda malamai biyu ne suka raba ramuka, a mako na biyar sun tsaya tare sun kalli yara biyar, kowa ya rubuta makinsa a ɓoye, sannan suka kwatanta. Inda bambancin ya wuce maki 2 cikin 12, sun koma kan bayanin ma'auni har suka daidaita fahimta. In ba a yi haka ba, makin yaro zai dogara ne a kan ramin da ya faɗa.

Kammalawa

An ga yadda rami guda da tef guda suka yi aiki biyu. A darasi goma na farko, kowane sawu tambaya ce da ke neman gyara, ba a kuma rubuta maki ko guda ba. A darasi biyu na ƙarshe an yi shiru, an auna, an rubuta. Malamin da ya tsallake na farko zai iso ranar jarrabawa ya ba da maki a kan abin da bai koyar ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi sakaci da na biyu ba shi da hujjar da zai nuna wa uban da ya zo tambayar dalilin da ɗansa, wanda ya fi kowa nisa, ya sami 13.

Takardar makin ma ba ta mutu ba. Idan malamin ya tara makin gaɓoɓi huɗu na ajin duka ya ga dira ce ta fi rauni, ya san inda zai ƙara darasi ga ajin baɗi.

Aikin Gwaji ga Mai Koyon Malanta

1. Tsinkaye biyar na wani yaro sun taru santimita 25 kafin layin tashi. Mene ne gyaransa?

2. Aji mai yara 60, kowanne tsalle uku, rami guda, daƙiƙa 45 ga kowane tsalle. Darasi nawa ake bukata idan minti 30 ne ake samu a kowanne?

3. A rubuta bayanin maki 3 da 2 da 1 na gaɓar tashi, a ba wani abokin karatu, a kalli yaro guda tare, a ga ko makin zai zo ɗaya.